Kuka ta koma hagu, dutse bai motsa ba: yadda ake gane ko hoto biyu wuri ɗaya ne

Yayata tana aiki a Jidda, shekara uku kenan tana tara abin da ta samu tana turowa gida ana yi mata gini a wani fuloti da ta saya a bayan garinmu, kuma duk abin da take gani na ginin nan hotuna ne da mai kula da aikin yake turo mata a WhatsApp. Wata rana da daddare ta turo min hotuna biyu da saƙon murya, muryarta har rawa take, ta ce "Auta don Allah duba min, wallahi ni gani nake kamar ba fulotina ba ne wannan na biyun." Na farko an ɗauke shi cikin watan Janairu lokacin da aka gama fandisho aka ɗora bulo layi huɗu, na biyu kuma cikin Agusta, gini ya kai linta. Kuma gaskiya in ka kalle su kallo ɗaya za ka ba ta gaskiya, ɗaya fari fat da ƙura, ɗaya kore shar, a na biyu ga dutse a can baya a na farko babu shi, sannan abin da ya fi tayar mata da hankali, ƙarfen sabis ɗin da ke hagun wata kuka a hoton farko ya dawo damanta a na biyu. Ta ce ai ƙarfe ba ya tafiya, kuka ma ba ta tafiya.

To a kan wannan nake so mu yi fashin baƙi, don irin tambayar nan kullum tana zuwa, hoton titi kafin gyara da bayan gyara, hoton ambaliya da aka ce a unguwa kaza ne, hoton gona da ake son sayar maka. Ido yana saurin yanke hukunci da kama, launi da yanayi da fasalin gini, alhali kama ba ta tabbatar da komai. Abin da ke tabbatarwa shi ne yadda abubuwan da ba sa motsi suke zaune da junansu, wanne ke gaban wanne, wanne ke kare wanne, kuma in sun canza zama, shin canjin ya tafi gefe ɗaya yadda hankali zai ɗauka.

Abu na farko da na yi, na cire duk abin da zai iya canzawa daga lissafi. Ciyawa, yashi da tsakuwa da aka juye, durom ɗin ruwa, mutane, launin sama, har da ganyen bishiya. Kuka tana zubar da ganye da rani ta tsaya tsirara, da damina ta cika, gawo kuma akasin haka yake yi, da damina yake kaɗe ganye da rani ya yi kore, saboda haka in za ka kwatanta bishiya kada ka kalli ganye, kalli gangar jikin da inda manyan rassa suka rabu. Kukar nan tana da reshe ɗaya da aka sare ya bar dungu a ɓangaren dama, ƙasa kaɗan da inda ta rabu biyu, kuma dungun yana nan a hotuna biyun. Batun dutse kuwa bai ɗau lokaci ba, Janairu tsakiyar hunturu ne, hazo yana iya shafe dutsen da ke nisan kilomita uku ko huɗu ka rantse babu shi. Da na buɗe hoton farko na rage haske na ƙara duhu a wayata sai ga inuwar bayan dutsen ta fito dishi-dishi, har da wani giɓi da yake da shi a sama kamar an ɓantare. Rashin ganin abu a hoto ɗaya ba hujja ba ce sai ka tabbatar cewa da yana nan dole a gan shi.

Saura ƙarfen sabis da kuka, kuma nan ne zuciyar maganar.

Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya ka saita yatsan da wani abu a can nesa, sai ka sauya ido. Yatsan zai yi tsalle gefe, abin da ke nesa yana nan inda yake. Tsakanin idanunka biyu bai wuce faɗin yatsu huɗu ba amma ka ga tsallen. Haka kyamara take, in mai ɗaukar hoto ya matsa gefe, abin da ke kusa da shi yana gudu sosai a cikin hoton, na tsakiya ya matsa kaɗan, na nesa kamar an kafe shi. Ko a mota ka lura, falwayoyin bakin titi suna wucewa fyu-fyu, gonaki suna tafiya a hankali, dutsen can nesa kamar yana bin ku. Lissafin ma mai sauƙi ne, abin da ya ninka wani nisa sau goma, motsinsa a hoto kusan kashi ɗaya cikin goma ne na wancan. Kuma alƙiblar motsin ba ta saɓawa, in ka matsa dama, na kusa yana tafiya hagu in ka gwada shi da na nesa.

Na san wurin don na taɓa raka ta lokacin da za ta saya, kukar ba ta wuce mita 40 daga bakin fulotin ba, ƙarfen sabis zai kai mita 400, dutsen kuma kamar kilomita 4. A ce mai hoto ya matsa dama da mita 8, wato taku goma zuwa sha biyu. Kuka za ta matsa hagu da kusan digiri 11, wanda a kyamarar waya in an riƙe ta a kwance ya kai kusan kashi ɗaya cikin shida na faɗin hoton gaba ɗaya. Ƙarfen sabis zai matsa digiri 1 da ɗan kai, dutse kuwa motsinsa ido ba zai kama ba. Ka ga kenan taku goma kacal sun isa kuka ta tsallake ƙarfen ta koma hagunsa, ba tare da komai ya bar inda Allah ya ajiye shi ba.

Amma a nan ne mutane ke yin kuskure na biyu, da zarar sun ji wannan bayanin sai duk saɓanin da suka gani su ce ai kusurwa ce ta bambanta, shi kenan a wuce. A'a. Da ka ce mai hoto ya matsa dama, ka ɗaure kanka, dole kowane abu a hoton ya yarda da wannan maganar. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai falwaya ta siminti a gaban fulotin, ta fi kuka kusa, to ya kamata ta tafi hagu fiye da kuka, kuma haka ne, a hoton farko tana tsakiya a na biyu ta kusa fita ta gefen hagu. In ka matsa dama ya kamata ka ƙara ganin bangon dama na ginin, kuma a hoto na biyu bangon dama ya buɗe sosai alhali a na farko ɗan siriri ne. Ƙarfen sabis kuma ya kamata ya ɗan gusa hagu kaɗan in ka auna shi da giɓin dutsen, ɗan kaɗan fa, kuma haka na gani, a duka biyun yana daf da giɓin ta dama, sai dai a na biyu ya ɗan ƙara matsowa. Abu huɗu a nisa huɗu daban-daban duk suna ba da labari ɗaya. Da a ce kuka ta tafi hagu amma falwaya ta tafi dama, da na ce mata Yaya akwai matsala.

Bayan nan sai na sauko kan ƙananan abubuwa, waɗanda ba wanda zai zauna ya shirya su. Manyan alamu suna gaya maka unguwa, ƙananan su ne ke gaya maka daidai wurin. Ginin da ba a yi wa filasta ba kamar zanen yatsa yake, kowane bulo yana da kamanninsa. A layi na uku daga ƙasa, bulo na biyar daga kusurwar hagu ya fi sauran duhu, daga gani na wani bugun ne daban, kuma yana nan a hotuna biyun a layi ɗaya lamba ɗaya. Kusa da ƙofa birkila ya saka rabin bulo ya cike da siminti mai kauri, shi ma yana nan. Falwayar tana da ɓantare a gefe inda rodi ya leƙo. Amfanin ƙirga bulo shi ne abubuwan da ke kan bango ɗaya ba sa sauya jeri ko daga ina ka tsaya, za su iya matsewa ko su buɗe amma na biyar na biyar ne har abada. Shi ya sa na fi yarda da ƙirge a kan awon tsawo da yatsa a fuskar waya, don tsawo yana canzawa da kusurwa, ƙirge ba ya canzawa.

Na kira ta na ce Yaya kwantar da hankalinki, fulotinki ne, gininki ne. Har da kukanta na farin ciki.

Kafin in ci gaba akwai abubuwa biyu da suke rikita mutane da ya kamata a raba. Zumin daban, matsawa daban. In mutum yana tsaye wuri ɗaya ya ja hoto kusa, ko ya danna 0.5x don ya kwaso wuri da yawa, girman abubuwa a hoton zai canza amma zamansu da juna ba zai canza ba, abin da ke kare wani zai ci gaba da kare shi. In kuwa da ƙafa ya matso, na kusa zai kumbura sosai na nesa ya tsaya kusan yadda yake. Saboda haka in ka ga a hoto ɗaya dutse ya leƙo sama da rufin gida a ɗayan kuma rufin ya rufe shi, wannan ba zumin ba ne, mai hoton ne ya matso ko ya durƙusa. Sai dai 0.5x tana jan abin da ke gefe-gefe ya yi faɗi fiye da ƙima, kada ka auna komai da bakin irin wannan hoton. Na biyu shi ne juyin madubi. Kyamarar gaba a wayoyi da yawa tana ajiye hoto a juye, kuma masu satar hoto su ma suna juya shi da gangan don kada a gano asalinsa. Alamarsa ita ce komai da komai ya sauya gefe lokaci ɗaya, na kusa da na nesa, har fasalin dutsen kansa ya juya. Nemi rubutu a bango ko lambar mota ko ɓangaren da sitiyari yake, in babu, ka juya hoton da kanka ka sake gwadawa.

Wata huɗu bayan nan sai ga hoto na uku, an buga kwano, ta riga ta tura kuɗin katako da kwano da na kafinta. Wannan karon ba ta yi zargin komai ba, murna ta turo min in taya ta. Kuma hoton ya yi kama ƙwarai, irin fasalin nan na ɗaki uku da falo da kowa ke yi a sabbin unguwanni, bulo ba filasta, ga ƙarfen sabis ga dutse a baya. Ni ma har na rubuta masha Allah, sai idona ya faɗa kan giɓin dutsen. Ƙarfen sabis da ke daf da giɓin ta dama a hotuna biyun farko, yanzu ya tsallake giɓin ya tafi can kan kafaɗar hagu ta dutsen, tazarar da ta kai kamar kashi ɗaya cikin takwas na faɗin hoton.

Ka tuna taku goma digiri ɗaya kawai suka motsa ƙarfen nan. Don ya yi irin wannan tafiyar, kusan digiri 8, sai mai hoto ya matsa dama da abin da ya kai mita 60. Fuloti mai faɗin ƙafa 50 kusan mita 15 ne, kenan fuloti huɗu. Ba yadda za a yi ka tsaya fuloti huɗu daga gida kuma gidan ya fito maka gaba da gaba ya cika hoto. Kuka babu ita kwata-kwata, wanda shi kaɗai ba zan riƙe shi hujja ba don ana iya sare bishiya ko a yanke gefen hoto, amma ya dace da lissafin, in ka yi nisan nan kukar za ta fita daga hoton ta hagu. Sai na koma ƙirga. A hoto na biyu daga kusurwar hagu zuwa tagar farko bulo uku da rabi ne, a na uku biyar ne. Baƙin bulon layi na uku babu shi. Rabin bulon bakin ƙofa babu shi. Za a iya cewa an matsar da taga, to amma matsar da taga bayan an zuba linta yana barin tabo, za ka ga sabon siminti da bulon da aka cike, nan kuwa bangon sumul yake. Abubuwa wajen goma sun yi kama, amma duk irin kamar da gidajen layin gaba ɗaya suke da ita ce, saɓani ɗaya da ba shi da bayani ya fi su nauyi, balle ga uku.

Wannan shi ne tarkon babbar alama. Ɗauki Dutsen Zuma da ke kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, wanda aka sa a bayan takardar naira 100. Ana hango shi daga wurare masu nisa da juna sosai, to don ka ga Zuma a hoto biyu ba yana nufin wuri ɗaya aka tsaya ba, sai ka duba wace fuskarsa ake gani da kuma me ya tsaya a gabansa. Haka hasumiyar masallaci, haka tankin ruwa na sama. Ga kuma abubuwan da ake yi da zane ɗaya a ko'ina, ajujuwan firamare, gidajen rukuni, rijiyar burtsatse mai baƙin tanki a kan ƙarfe, gidan mai. Waɗannan in ka dogara da su za ka haɗa hoton wata jiha da wata ka ce wuri ɗaya ne. Ni dai ba na cewa wuri ɗaya ne sai na samu aƙalla abu uku a nisa daban-daban da suka yarda da juna, da ƙaramar alama ɗaya ko biyu wadda ba a maimaita ta a wani wuri.

Kuma ba a kan gini da fuloti kawai abin yake aiki ba, da irin wannan ƙa'idar aka bankaɗo kisan da aka so a binne. A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu da ke nuna sojoji sun tasa mata biyu da ƙananan yara biyu a gaba sun harbe su. Ministan sadarwa na Kamaru a lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya ce labarin ƙarya ne, wasu ma suka ce a Mali aka yi. Masu bincike na BBC Africa Eye da abokan aikinsu suka zana layin saman duwatsun da ke bayan bidiyon suka gwada shi a Google Earth, ya hau daidai da duwatsun kusa da Zelevet a yankin Arewa Mai Nisa, daf da iyakar Najeriya. Ba su tsaya a kan dutsen ba, don kamar yadda na ce dutse yanki yake nunawa, sai da suka bi hanyar ƙasa da gine-gine da bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya suka haɗa su da hoton tauraron ɗan'adam. Da gine-ginen da ke tsaye a lokacin da kuma inuwar sojojin suka tsuke lokacin zuwa tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015. A watan Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure sojoji huɗu shekara goma-goma.

Akwai inda dabarar ke tsayawa, kuma ya kamata mutum ya yarda da hakan. In an ɗau hoto ɗaya ana fuskantar gabas ɗayan ana fuskantar yamma, za su iya zama wuri ɗaya ba tare da sun haɗa abu ko ɗaya ba, a nan sai dai ka nemi hoto na uku da zai haɗa su, ko ka duba wurin daga sama. In hoton ya sha turawa daga waya zuwa waya, WhatsApp yana matse shi har layin bulo ya narke, kuma ido yana da halin ganin abin da yake so a cikin dishi-dishi, tabo ya zama maka baƙin bulo. Gara ka ce a turo maka shi ta Document, zai zo da ingancinsa. Sannan tabbatar da wuri ba tabbatar da lokaci ba ne, ambaliyar shekara biyar da ta wuce a daidai titin da aka ambata har yanzu tsohon hoto ne. Amsar da za ka bayar iri uku ce, wuri ɗaya ne, ba wuri ɗaya ba ne, ko hotunan ba su isa a yanke ba, kuma ta ukun tana zuwa fiye da yadda mutane suke so.

Ban gaya wa Yaya komai a daren ba, don zargin mutum da cin amana ba ƙaramin abu ba ne, kuma lissafina na nisa duk kintace ne. Na dai ce mata ta roƙi mai kula da aikin ya sake turo hoto daga bakin falwayar nan, yadda kuka za ta fito a ciki. Kwana biyu shiru, rana ta uku ya ce wayarsa ta samu matsala. Ranar Asabar na hau mota na je da kaina, na tsaya daidai inda ƙarfen sabis ya zo daf da giɓin dutsen ta dama, ga kuka da dungunta, ga baƙin bulo a layi na uku, ginin yana nan a linta yadda yake tun Agusta, ciyawa ta bushe a cikin falo. Na taka zuwa dama ina ƙirga fulotai ina kallon ƙarfen yana zamewa hagu a jikin dutsen, a na huɗu na tarar da gidan mai sabon kwano, bulo biyar daga kusurwa zuwa taga. Na ɗau hotuna biyu, kowanne da dutsen a baya, na tura mata, sannan na kira kawunmu don a zauna da mutumin.